Sun zo ko suka zo? Tambayoyi da amsoshi kan batu da ƙarfafawa a jimlar Hausa

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban nahawu da masu fassara suka fi yi a kan yadda mai magana yake jera bayani a cikin jimla. Kusan dukkan misalan daga Hausa suke, saboda Hausa tana cikin harsunan da suke nuna wannan abu a fili, a jikin kalmominsu.

Me ake nufi da tsarin bayani a cikin jimla?

Labari ɗaya ana iya faɗarsa ta hanyoyi da yawa ba tare da an canza abin da ya faru ba. Dubi waɗannan:

Yaran sun sayi dokin jiya.
Yaran ne suka sayi dokin jiya.
Dokin ne yaran suka saya jiya.
Dokin kam, yaran sun saye shi jiya.

Masu saye ɗaya, doki ɗaya, rana ɗaya. Amma Bahaushe ba zai ɗauki kowace daga ciki ya jefa a ko'ina ba. Wanda aka tambaya "Su wa suka sayi dokin?" jimla ta biyu zai faɗa. Wanda aka tambaya "Ina labarin dokin nan?" ta huɗu ce za ta zo bakinsa. Abin da ya raba su shi ne abin da mai magana yake ganin mai sauraro ya riga ya sani, da abin da yake so ya ƙara masa ko ya gyara masa. Wannan lissafi na sananne da sabo shi ake kira tsarin bayani. A Turai, masanan da suka kafa ƙungiyar nazarin harshe ta birnin Firag a 1926, ƙarƙashin Vilém Mathesius, su ne suka mayar da shi fage mai zaman kansa. Malaman balagar Larabci sun daɗe da rigan su ta wata fuska, kamar yadda za mu gani a ƙasa.

Mene ne bambancin batu da ƙarfafawa? Ai duka biyun gaban jimla ake kawo su.

Nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, kuma ba laifinsu ba ne, don a ido wurin zamansu ɗaya.

Batu shi ne abin da ake magana a kansa. Mai magana yana ɗaga shi ne ya ajiye a gaba, kamar mai cewa "ka ga wannan, to ga labarinsa." Yawanci sananne ne ga mai ji, ko an ambace shi ɗazu, ko yana nan ana kallonsa. Abin da aka ƙarfafa kuwa shi ne amsar tambaya, ko an furta tambayar ko tana cikin zuciya. Shi ne aka zaɓa daga cikin abubuwan da za su iya zama amsa: dokin ne, ba raƙumin ba, ba jakin ba.

Hausa ta raba su da alamomi da kunne yake ji. Mu tsaya a kan dokin.

Dokin kam, sun saye shi.
Dokin ne suka saya.

A jimlar farko akwai ɗan tsayawa bayan "dokin kam". Abin da ya biyo baya cikakkiyar jimla ce da za ta iya tsayawa da ƙafarta: "sun saye shi". Lamirin bai canza ba, "sun" ne, kuma an bar wakilin suna "shi" a gurbin da dokin ya tashi. A jimla ta biyu babu tsayawa, "sun" ya koma "suka", gurbin dokin kuma an bar shi fayau. Aikatau ɗin kansa ya ba da shaida: "sayi" yake in suna ya biyo shi, "saye" in wakilin suna ne, "saya" in babu komai a bayansa. Haka "mayar da" take zubar da "da" ɗinta: "Kuɗin dai, mun mayar da su", amma "Kuɗin ne muka mayar."

Ƙananan kalmomin da suke rakiyar kowanne su ma daban suke. Batu yana tafiya da kam, dai, fa, kuwa, ma. Ƙarfafawa tana tafiya da dirka, wato ne ko ce.

In sun haɗu a jimla ɗaya, batu ne a gaba: "Dokin kam, yaran ne suka saye shi." Ana iya jera batu biyu, kamar "Ni dai, dokin nan, ban ga amfaninsa ba", amma gurbin ƙarfafawa na gaba guda ɗaya ne tak. Ba a cewa "Yaran ne dokin ne suka saya."

Yaushe "sun" yake komawa "suka"?

Duk sa'ad da aka ciro wani abu aka kai shi gurbin ƙarfafawa. Lokuta biyu ne suke da wannan tagwayen siffa. A shuɗaɗɗen lokaci kin, mun, kun, sun, an suna komawa kika, muka, kuka, suka, aka. A lokaci mai ci ina, yana, tana, suna, ana suna komawa nake, yake, take, suke, ake. "Suna sayar da gero" amma "Gero suke sayarwa."

Karin maganarmu cike take da wannan gini. "Da tsohuwar zuma ake magani." "Da sanyin safiya ake kama fara." Gwada juya ta farko zuwa "Ana magani da tsohuwar zuma", za ka ji ta zama labari kawai. Ainihin karin maganar tana cewa da tsohuwar ce, ba da sabuwa ba, kuma "ake" ɗin nan da gabatar da zumar su ne suka ɗauki wannan ma'ana.

Kalmomin tambaya su ma gurbin nan suke zama, shi ya sa suke jan siffa ta biyu: "Yaushe suka zo?", "Me kuke so?", "Nawa aka biya?" Tambaya da amsarta gini ɗaya gare su.

Sauran lokutan ba su da tagwaye. "Yaran za su zo" da "Yaran ne za su zo" lamirinsu ɗaya, haka "sukan zo". A irin wannan wuri dirka da murya ne kaɗai suke nuna ƙarfafawar.

To duk inda na ga "suka" akwai ƙarfafawa ke nan?

A'a. Siffar tana da wasu ayyuka biyu. Tana zuwa bayan "da" mai bayyana suna: "yaran da suka zo". Kuma da ita ake jera aukuwa a labari: "suka tashi, suka ɗaura sirdi, suka kama hanya." A nan ba a zaɓi kowa daga cikin kowa ba. Alamar ƙarfafawa ita ce a ga wani abu ya tsaya a gaban "suka" wanda yake amsa wa, ko me, ko ina, ko yaushe.

Na aika saƙo a waya an fahimce ni a baibai, alhali a baki da ba za a yi haka ba. Me ya jawo?

Wannan ta faru a gabana, a wani adashi na matan unguwarmu. Ranar kwasa ta zo, uwar adashi ba ta gari, sai ta rubuto wa ƙanwarta saƙo mai kalma huɗu. Bari in sa wa matar da aka ambata suna Ladi: "Ladi ta karɓi kuɗin." Ƙanwar ta karanta ta ce to, an riga an ba Ladi, babu sauran aiki. Ladi kuwa tana zaune tana jira har la'asar. Abin da uwar adashin take nufi umarni ne, wato a bar Ladi ta karɓa. Da aka kira ta a waya ta faɗi kalmomin nan huɗu da bakinta, nan take kowa ya gane.

Dalilin yana cikin rubutunmu na boko, wanda ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Wannan "ta" da aka rubuta da harafi biyu tana iya zama abu uku a baki. In an ja ta da sautin sama, labari ne: Ladi ta riga ta karɓa. In gajeriya ce da sautin sama, ƙarfafawa ce: Ladi ce ta karɓa, ba wata ba. In gajeriya ce da sautin ƙasa, umarni ne ko fata: bari Ladi ta karɓa. Haka "ya" yake, "na" da "ka" su ma suna da doguwa da gajeriya.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce, kuma ita nake ba kowane ɗalibi: mayar da aikau ɗin, wato mai yin aikin, jam'i. Jam'i ba ya ɓoye komai. "Matan sun karɓi kuɗin" labari ne. "Matan suka karɓi kuɗin" ƙarfafawa ce ko ci gaban labari. "Matan su karɓi kuɗin" umarni ne. Duk wadda ta dace da nufinka, ita ce "ta" ɗin da kake nufi.

Ga mai rubutu kuwa, maganin shi ne ya ƙara kalmar da baki ba ya bukata. In ƙarfafawa yake nufi ya sa dirka: "Ladi ce ta karɓi kuɗin." In labari ne ya ce "Ladi ta riga ta karɓa." In umarni ne ya ce "A ba Ladi" ko "Sai Ladi ta karɓa." A takardar shaida ko rahoton rigima wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin "Audu ya fasa ƙofar" da doguwar "ya" bayar da labari ne, da gajeriya kuwa nuna yatsa ne.

Dole ne a sa "ne" ko "ce"?

Ba dole ba ne. "Doki suka saya" daidai take, kuma a hira ta fi yawa. Gabatarwa da "suka" sun isa. Amma dirka ba ado ba ce. In ta shigo tana ƙara ma'anar cewa an rufe lissafi, wannan ne kuma babu wani. Saurari wannan: "Musa ne ya zo, Audu ma ya zo." Kunne yana jin kamar mai maganar ya warware abin da ya ɗaura, domin "Musa ne" ta riga ta kore sauran.

Daga nan za a gane abin da ya sa "ma" da "kaɗai" suke jan lamiri daban. "Yaran ma sun zo": ana ƙara su ne a kan wasu, ba a ware su ba, sai "sun" ya zauna. "Yaran kaɗai suka zo": an ware su, sai "suka".

Dirka tana bin jinsin abin da ta dafa: ce ga mace tilo, ne ga namiji da jam'i. "Mota ce suka saya", "Motoci ne suka saya." In abin da aka gabatar bayanau ne na wuri ko lokaci, "ne" ake sa wa: "A Kano ne aka haife ta."

Dole ne abin da aka ƙarfafa ya zo gaba?

Tsofaffin littattafan nahawu haka suka nuna, amma maganar mutane ta fi haka faɗi. Tambayi wani "Me suka saya?" zai iya cewa "Doki suka saya", zai kuma iya cewa "Sun sayi doki" ko "Sun sayi doki ne." Dokin shi ne sabon bayani a duka ukun, amma a biyun ƙarshe yana zaune a gurbinsa kuma "sun" bai motsa ba. Philip Jaggar ya jawo hankali ga wannan a nahawunsa na 2001, sannan Katharina Hartmann da Malte Zimmermann suka bi shi da nazari a 2007. Abin da suka lura da shi ya dace da abin da kunne yake ji: amsar da ba ta da mamaki tana iya zama a gurbinta, amma in gyara ake yi ko abin ya saɓa wa zato, an fi kawo shi gaba. Wanda aka ce wa "Na ji sun sayi raƙumi" zai ce "A'a, doki suka saya."

Aikau ne kaɗai ba shi da wannan zaɓi. In aka ce "Su wa suka sayi dokin?" ba a amsawa da "Yaran sun saya." Sai dai "Yaran ne suka saya." Dalilin, a ganina, a bayyane yake. Aikau ya saba zama a farkon jimla a matsayin wanda ake ba da labarinsa, wato batu. In ana so a ɗauke shi a matsayin sabon bayani, dole a sa masa alamar da za ta hana a yi masa fahimtar da aka saba.

Akwai wani wuri mai ban sha'awa. An ji ihu a maƙwabta, wani ya fito ya ce "Me ya faru?" Sai a ce masa "Ɓarayi ne suka shiga." Ba wanda ya tambayi su wa suka shiga. Jimlar gaba ɗayanta sabuwa ce, amma an sa alamar a kan aikau don kada a ɗauka ɓarayin sanannu ne da ake ci gaba da zancensu.

Yaya ake ƙarfafa aikin kansa, ko a kore ƙarfafawar?

Aikatau ba ya tashi haka nan ya koma gaba. Sai a mayar da shi suna, a bar "yi" a gurbinsa. In aka ce "Sun sayi dokin?" mai gyara zai ce "Aronsa suka yi." Haka "Gudu ya yi", "Sayar da shi za mu yi."

Korewa kuwa wurin da ta sauka shi ne komai. "Yaran ba su zo ba" zuwan aka kore. "Ba yaran ba ne suka zo" an zo, amma wasu ne. "Yaran ne ba su zo ba" akwai waɗanda ba su zo ba, kuma yaran ne. Mai fassara da ya haɗa ta biyu da ta farko ya canza shaida.

Ina rawar karin sauti a nan? Na ji ana cewa wasu harsuna da murya kaɗai suke ƙarfafawa.

Haka Ingilishi yake yi. Jerin kalmomin yana nan yadda yake, sai a danna murya a kan kalmar da ake nufi. Hausa ba ta da wannan sarari sosai, saboda hawa da saukar murya sun riga sun ɗauki aikin rarrabe kalmomi. "Kuka" na hawaye sautinsa sama da sama ne, "kuka" ta miya sama da ƙasa. Harshen da muryarsa take ɗauke da irin wannan kaya ba zai yi wasa da ita yadda ya ga dama ba, sai ya nemi jerin kalmomi da ƙananan kalmomi su yi aikin.

Duk da haka murya ba ta fita daga zancen ba. Abin da aka kawo gaba don ƙarfafawa akan ɗaga shi sama da yadda zai kasance a jimla ta yau da kullum, batu kuma tsayawar nan ta bayansa ce take raba shi da sauran jimla. Dirka ita ma tana da wata ɗabi'a: sautinta kishiyar gaɓar da ta gabace ta ne. "Musa" yana ƙarewa da sautin sama, sai "ne" ta sauka. "Audu" yana ƙarewa da sautin ƙasa, sai "ne" ta hau. Faɗi "Musa ne" da "Audu ne" a jere za ka ji. Amma wannan bin maƙwabci ne, ba shi ne yake nuna ƙarfafawar ba. Abin da aka ƙarfafa a gurbinsa kuwa, kamar dokin "Sun sayi doki", binciken 2007 ɗin nan bai sami wata alamar murya tabbatacciya a kansa ba. Tambayar da ta gabata ce kaɗai take nuna shi.

Wannan yana da amfani ga masu fassara labarai da wasan kwaikwayo. Inda Bature ya danna murya a kan suna, mai fassara ba zai bar jimlar Hausa a miƙe ya ɗaga murya ba. Sai ya sake gina ta da gabatarwa da "suka".

Duk Hausawa haka suke yi?

Ginin ɗaya ne, kayan ginin ne suke bambanta. A Sakkwato da sassan yamma, har cikin Nijar, ana jin munka, kunka, sunka, anka a madadin muka, kuka, suka, aka, dirka kuma "na" da "ta" ce maimakon "ne" da "ce". A can gajerun "ya" da "ta" na ƙarfafawa suna ninka baƙin da ya biyo su: "yaz zo", "tat tahi". Saboda haka ruɗanin "ya" da "ta" tsakanin labari da ƙarfafawa ba ya tasowa ga wanda ya rubuta Sakkwatanci yadda yake furta shi. A Zazzau da Bauchi da Hausar Gana, inda bambancin jinsi ya yi rauni, "ne" takan ɗauki aikin "ce".

Sauran harsuna fa?

Wanda ya yi karatun zaure ya riga ya san misali mafi kusa. A Fatiha an ce "Iyyaka na'abudu", an gabatar da karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa, a kan aikatau, kuma malamai suna bayyana cewa gabatarwar tana nuna keɓancewa. Shi ya sa a tafsiri ake cewa "Kai kaɗai muke bauta wa", da "muke", ba "muna bauta maka" ba. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 471 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a kan gabatarwa da jinkirtawa, yana nuna cewa ba a gabatar da kalma sai da dalili a ma'ana.

Yarbanci yana kawo abin gaba ya bi shi da "ni", kusan yadda muke yi da dirka. Somaliyanci yana da "baa" da "ayaa" da suke bin abin da aka ƙarfafa. Japananci ya shahara ta ɗaya ɓangaren, yana da "wa" mai nuna batu, aikin da ya yi kama da na "kam" da "dai". Harshen Hangare yana da gurbi na musamman dab da gaban aikatau.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne 'yan uwan Hausa na jini. Bolanci da Ngizim a Yobe, da Tangale a Gombe, dangi ɗaya suke da Hausa, kuma su ma aikau ne yake fara jimlarsu ta yau da kullum. Amma in za su ƙarfafa aikau, baya suke mayar da shi, bayan aikatau. Inda Bahaushe zai bar yaran a gaba ya canza "sun" zuwa "suka", su sai su ɗauke yaran daga farkon jimla ɗungum.

Yaya zan duba rubutuna in ga ko na tsara bayanin daidai?

Ɗauki jimlar da kake shakka, ka tambayi kanka wace tambaya take amsawa a daidai wurin da take. Misali kana rubuta rahoton gobara a kasuwa. Sakin layi na farko ya riga ya faɗi cewa wuta ta tashi kuma an kashe ta. In ka ci gaba da "'Yan kasuwa sun kashe wutar", ka maimaita abin da aka sani, kamar kashewar ce labari. Abin da mai karatu yake tambaya yanzu shi ne su wa, don haka "'Yan kasuwa ne suka kashe wutar." In kuma za ka juya ga rumfunan da ka ambata a baya, ɗaga su a matsayin batu: "Rumfunan hatsi kuwa, wutar ba ta kai gare su ba."

Kuskure na biyu kishiyar wannan ne, wato yayyafa "ne" a kowace jimla. Wanda ya rubuta "Gwamna ne ya ziyarci kasuwar" alhali ba wanda ya yi zaton wani ne daban, ya sa mai karatu neman gardamar da babu ita. A nan "Gwamna ya ziyarci kasuwar" ta wadatar, da doguwar "ya". In kana shakkar wacce ka rubuta, mayar da shi "gwamnoni" ka ji ko "sun" ne zai fito ko "suka".